Daga aji zuwa sito: saƙon da za ka tura wa mai ɗaukar ma'aikata idan za ka sauya layin aiki

Jama'a, assalamu alaikum. Mai ɗaukar ma'aikata a Garwa, a arewacin Kamaru, ya fitar da sanarwa yana neman mataimakin mai kula da sito. Kafin la'asar saƙonni sun cika masa waya. Ya buɗe ɗaya, ya ga an rubuta malamar lissafi, shekara 7 a aji. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne, me ya kawo malama sito? Ko ta yi ɓatan kai ne, ko tana neman inda za ta fake kafin a koma makaranta a watan Satumba? Idan saƙon bai amsa wannan tambaya a layukan farko ba, zai wuce zuwa na gaba, kuma ba don ya raina ta ba. Lokaci ne ba shi da shi.

Yau wannan malama za mu bi, mu ga yadda za ta haɗa saƙonta. Misali ne muka ƙirƙira, amma duk wanda zai bar wani layi ya shiga wani, ɗan kasuwa ne ko tela ko ma'aikacin asibiti, hanyar ɗaya ce.

Kafin ta rubuta ko harafi ɗaya, sai ta koma kan sanarwar ta karanta da biro a hannu. Ta bar sunan muƙamin, ta nemi ayyukan da aka ce mutum zai riƙa yi. A sanarwarmu guda 4 ne: karɓar kaya a ƙirga a gwada da takardar da ta rako su, rubuta shiga da fita a katin sito, ƙidayar kaya duk ƙarshen wata, da aiki da Excel. A ƙasa an ƙara cewa wanda ya san Sage, manhajar lissafin kuɗi da kaya, zai fi samun fifiko.

Sai ta ɗauki wata takarda, ta rubuta abin da hannunta ya yi a makaranta. A nan mutane suka fi yi wa kansu rowa. Ka tambayi malami me yake yi, ya ce maka koyarwa, shi ke nan. Alhali wannan malama ita ce shugaban makaranta ya damƙa wa makullin ɗakin kaya shekara 3 da suka wuce. Littattafai, alli, bandir-bandir na takarda, yadin kayan makaranta na ɗalibai 400, duk ta hannunta suke shiga, ta hannunta suke fita. Tana da rajistar da kowane malami yake sa hannu idan ya karɓi kaya. Duk ƙarshen zango tana ƙirga abin da ya rage ta gwada da rajista. Ga makin ɗalibai kuma: aji 5, kowane darasi da nauyinsa, a fitar da matsakaici bisa 20, kuma a Excel take yi tun da ta gaji da yi da hannu.

To ku ɗora takardun biyu gefe da gefe. Rajistar ɗakin kaya ita ce katin sito, suna ne kawai ya bambanta. Ƙirgar ƙarshen zango ita ce ƙidayar ƙarshen wata. Ashe rabin aikin da ake nema ta daɗe tana yin sa, ba a dai taɓa kiran ta mai sito ba. Wannan shi ne ƙwarewar da take bin mutum duk inda ya koma, kuma ba mai ɗaukar ma'aikata ne zai tono ta ba. Shi bai san me ke cikin ɗakin kayan makaranta ba. Ke za ki ɗauko ta ki ajiye a gabansa, da kalmomin da shi ya yi amfani da su a sanarwarsa.

Cikin abubuwan da suka dace, biyu kawai za ta zaɓa. Na san da wuya. Mutum yana son ya faɗi cewa ya iya magana gaban jama'a, ya iya sasanta iyaye, ya iya tsara jarrabawa. Duk gaskiya ne, amma ba su sanarwar ta tambaya ba, kuma kowane ƙari yana rage wa biyun nan ƙarfi. Sauran su jira ranar ganawa.

Ga irin saƙon da aka saba turawa, ku saurara.

"Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni malama ce, amma aikin koyarwa ya ishe ni, albashi ba ya zuwa kan lokaci. Ina da haƙuri da riƙon amana da son aiki, kuma ina saurin koyo. Don Allah a taimaka mini da kowane irin aiki."

Wannan saƙo daga zuciya ya fito, kuma wanda ya san halin da malaman wucin gadi suke ciki ba zai zarge ta ba. Amma ku ji shi da kunnen mai karantawa. Abu na farko da ya sani game da ita shi ne tana kuka da wurin da take, sai ya ce gobe haka za ta yi da mu. Haƙuri da riƙon amana kuwa, duk wanda ya turo saƙo ya rubuta su, babu yadda zai tantance. Sannan "kowane irin aiki" ya nuna masa ba sito take nema ba, mafita take nema. Ko sunan muƙamin ba ta ambata ba, shi kuma wataƙila gurbi uku yake cikewa a wannan mako.

Yanzu ga wanda aka gyara.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Sunana wance, ina rubuto maka ne kan gurbin mataimakin mai kula da sito da kuka sanar a Garwa. Shekara 7 ina koyar da lissafi, kuma a shekara 3 na ƙarshe ni ke riƙe da ɗakin kayan makaranta mai ɗalibai 400: ina rubuta shiga da fita, ina ƙidaya duk ƙarshen zango in gwada da rajista. Ina aiki da Excel wajen lissafin makin aji 5. Wannan ɓangare na aikina ne nake so ya zama sana'ata. Ban taɓa aiki da Sage ba, na fara koyon sa a wannan wata. Na haɗo takardar tarihin aikina, kuma zan so a ba ni minti 10 a waya a duk ranar da ta yi maka."

Jimla 6 ce bayan gaisuwa. Bari mu tsaya kan ta huɗu, wadda ta ce wannan ɓangare na aikina ne nake so ya zama sana'ata, domin ita ce ta amsa tambayar da muka fara da ita. Dalilin sauya layi jimla ɗaya ya ishe shi, kuma fuskarsa ta kalli inda za a je. Malamar ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce albashinta yana zuwa daidai ba, ta dai zaɓi dalilin da ya shafi wanda take yi wa magana. Kuma ku lura inda ta ajiye shi: bayan hujja. Da ta fara da shi, da ya zama buri kawai. Da ya zo bayan shekara 3 na riƙon makulli, sai mai karatu ya ga ai dama can hanyar ta nufo nan.

Sai maganar Sage. Wasu za su ce don me za ta tona wa kanta asiri? Saboda ko ba ta faɗa ba zai gani a takardarta, kuma idan ta ce ta iya, ranar gwaji za a zaunar da ita gaban kwamfuta a ce ta shigar da takardar karɓar kaya. Minti biyu sun isa a gane. Wanda ya faɗi giɓinsa da bakinsa, ya kuma faɗi abin da yake yi a kai, an fi yarda da sauran maganarsa. Sharaɗin dai ya zama da gaske ta fara koyon. Giɓi ɗaya ake ambata, wanda ya fi girma. Idan kin ga giɓin ya kai uku cikin ayyuka huɗu, to gurbin ne bai dace da ke ba tukuna, gyaran saƙo ba zai rufe shi ba.

Lambobin nan ma, 7 da 3 da 400, su zama waɗanda shugaban makaranta zai tabbatar idan an kira shi, domin ana kira. Kada ɗalibai 400 su koma 1000 don saƙo ya yi kyau.

Batun harshe: mun karanto shi da Hausa don mu fahimci gininsa, amma da harshen da aka fitar da sanarwa ake amsawa. A Garwa, Marwa ko Ngaundere galibi Faransanci ne, wasu ƙungiyoyin agaji kuma Ingilishi. Ki ɗauko kalmomin aikin daga sanarwar yadda suke. Idan kuma aikin na hulɗa da direbobi da 'yan dako ne, jin Fulatanci da Hausa ƙwarewa ce ta gaske a sito, ana iya ƙara ta a rabin layi.

Ta yaya za ki san saƙon ya nuna? Ki tura wa kanki a WhatsApp ki duba. Idan sai kin ja allo sau biyu kafin ki kai ƙarshe, ya yi tsawo. Sannan ki ba wani wanda bai san ki sosai ba ya karanta sau ɗaya, ki karɓe wayar, ki tambaye shi wane aiki nake nema, kuma me na taɓa yi mai kama da shi. Idan ya yi inda-inda, ki koma kan jimla ta biyu, a nan matsalar take. Takardar tarihin aiki ta tafi a PDF, da sunanki a kan fayil ɗin, kuma ɗakin kayan nan ya fito a cikinta ƙarara, kada saƙo ya faɗi abu takarda ta yi shiru a kai. Banda saƙon murya, sai in shi ya fara. A tura a lokacin aiki, ba tsakar dare ba.

Idan mako ya cika shiru, tuni ɗaya ya isa, layi biyu: ina tuni kan saƙona na ranar kaza game da gurbin sito, har yanzu ina nan idan ana buƙatar ƙarin bayani.

Akwai inda wannan dabara ba ta kaiwa. Aikin da doka ko sanarwa ta ɗaure da takardar shaida, kamar jinya ko tuƙin babbar mota, ƙwarewar wani layi ba ta maye gurbin takardar. Haka idan sanarwa ta ce a kai takardu ofis ko a tura ta wani adireshi, a bi wannan hanyar tukuna, saƙon ya zama rakiya. Duk wanda kuma ya amsa miki da cewa ki turo kuɗin buɗe fayil ta waya kafin a gana, ki tsaya nan, ki je ofishin kamfanin da ƙafarki ki tambaya ko da gaske suna ɗaukar ma'aikata.