Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa launi ya sauya bayan juya RAW zuwa JPEG?

Wani mai sauraro ya rubuto mana cewa: "Na gyara hoto ɗaya a Lightroom, na danna Sync, na fitar da hotuna 400 daga RAW zuwa JPEG a lokaci guda. Na cikin zaure sun fito jaja-jaja, wasu kuma sun fi yadda na gan su a kyamara duhu. Ina matsalar take?"

To malam, da alama hoton da ka fara gyarawa a waje ka ɗauke shi. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen kelbin 5500, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuwa wajen 3000. Da ka danna Sync, mai kwafe gyaran hoto ɗaya zuwa sauran, sai ka ɗora ma'aunin rana a kan hotunan zaure, shi ya sa farar riga ta koma kamar an tsoma ta a rini.

Kada hankalinka ya tashi, muddin ba ka goge RAW ɗin ba, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka. A cikinsa White Balance, wato saitin da ke daidaita launin haske, bayani ne kawai da kyamara ta liƙa wa hoto, kana iya sauya shi sau goma ba abin da zai lalace. Sai an fitar da JPEG ne launin yake kamawa. RAW mai bit 14 yana riƙe matakan haske 16,384, JPEG kuwa 256 kacal a kowane launi. Idan ka matsa wa JPEG da gyara, za ka ga sararin sama ya yi layi-layi.

Saboda haka ka koma kan RAW, ka kasa hotunan gwargwadon hasken da aka ɗauke su: na waje daban, na zaure daban. A kowane kashi ka ɗauki hoto ɗaya, ka taɓa wani abu mai ruwan toka ko farin da bai ƙone ba da ɗan tsinken zaɓen launi. Sannan ka danna Sync, amma White Balance kaɗai za ka yi wa maki. Barin shi a As Shot, wato yadda kyamara ta saita shi, ma ba mafita ba ne idan kyamarar tana kan Auto, don takan sauya ra'ayi daga wannan hoto zuwa na gaba.

Batun duhu kuma, abin da ka gani a bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da ita ta riga ta yi wa kwalliya. Idan Nikon ce kuma Active D-Lighting yana kunne, takan rage haske da gangan don kada fari ya ƙone, sannan ta ɗaga inuwa. Galibi Lightroom ba ya yin wannan ɗagawar, NX Studio na Nikon ne yake yi. Ka ƙara Exposure, wato hasken hoto, kaɗan a kan waɗannan hotunan kaɗai, kana duban farin wurare. Inda fari ya ƙone ƙurmus tun a RAW, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Kafin ka sake fitar da 400 ɗin, gwada biyar daga kowane kashi, ka buɗe su ka gani da idonka.