Awa biyu a rana, yara a gindi: wace sana'a ce za ta yiwu?

Uwargida, idan kina da ƙananan yara kuma kina neman abin da zai riƙa kawo miki ɗan kuɗi, tambayar da aka fi yi ita ce wace sana'a ta fi riba. Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan: lokacin da kike da shi, wane iri ne? Domin awa biyun mai goyo ba ɗaya ba ne da awa biyun wadda ba ta da kowa. Naki a gutsuttsure yake zuwa, minti ashirin nan, minti arba'in can, kuma ko yaushe ana iya yanke miki shi da kuka.

Ki ɗauki mako guda kina lura da ranarki, za ki ga lokacin naki kashi biyu ne. Akwai lokacin da yara suke ido biyu, suna wasa kusa da ke, hannunki a sake amma rabin hankalinki yana kansu. Akwai kuma lokacin da suka yi barci, hannu da hankali duk naki ne. Na biyun shi ne mai tsada, kuma shi ne kaɗan. Duk aikin da za ki zaɓa, ki fara tambayar kanki: idan na ajiye shi a tsakiya na tashi, zai lalace? Ɗinki ba ya lalacewa, inda kika tsaya nan za ki dawo ki tarar da allurarki. Saƙa haka take, naɗe kaya a leda haka yake. Amma abin da aka ɗora a wuta ba ya jiran kowa, haka ma darasin da kike ba ɗan wani a ƙayyadadden lokaci, haka kiran wayar da kamfani ya ce a amsa nan take. Waɗannan sai kina da wanda zai riƙe miki yara, tabbas, ba wai in an samu ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce uwa ce mai yara biyu, ɗaya shekara ɗaya da rabi, ɗaya shekara huɗu. Ƙaramin yana barcin rana na awa ɗaya da rabi, da daddare kuma tana samun awa ɗaya kafin gajiya ta kayar da ita. Awa biyu da rabi ke nan a rana, a kwana shida ya zama awa 15. To kada ta karɓi aikin awa 15. Ta karɓi na awa 10. Sauran biyar ɗin na zazzaɓi ne, da fitar haƙori, da baƙi, da ranar da yaro ya ce yau ba zai kwanta ba. Wadda ta cika lissafinta maƙil, mako na farko da yaro ya kwana yana tari za ta fara ba masu aiki haƙuri, kuma mai aiki sau ɗaya ko biyu yake karɓar haƙuri.

Yanzu me za ta zuba a cikin awa goman nan? Tana da keken ɗinki, tana tunanin gyaran tufafi: canza zif, kalmasa bakin wando, rage faɗin riga. Wata ƙawarta kuma tana ce mata ta bar wahala, ta saro kaya ta riƙa tallarsu ta waya. Mu auna su biyun. Lambobin da zan faɗa na misali ne kawai, ki sa naki a gurbinsu, da kowane irin kuɗi kike amfani.

Canza zif. A ce ana biyanta 100. Zif da zare sun ci 30, saura 70. Farke tsohon da ɗinka sabon minti 30 ne, amma akwai lokacin da ba a ƙirga shi: karɓar kayan, duba su, ciniki, da miƙa su idan an zo karɓa. Mu ce minti 15. Ta samu 70 ke nan a minti 45, wato kusan 93 a awa.

Sai saro kaya. Ta sayi abu a 800, ta sayar a 1,000. Riba 200, ta ninka kuɗin zif baki ɗaya, ko ba haka ba? To kai wa mai saye ya ci 60, saura 140. Kafin mutum ɗaya ya saya, mutum huɗu ko biyar sun tambayi farashi, sun ce a turo wani hoto, sun ce a rage, sannan suka yi shiru. Ki haɗa wannan da ɗaukar hoto da naɗe kaya, awa guda ta tafi a kan kowane ciniki. Har yanzu 140 a awa ya fi 93. Amma ga inda gizo ke saƙa. Ta saro guda goma a 8,000, tara suka fita, ɗaya ya kwanta, ko launinsa ba a so, ko girmansa bai yi wa kowa ba. Ta karɓi 9,000, ki cire 8,000 na sari, ki cire 540 na kai kaya, saura 460 a aikin awa tara. Kusan 51 ke nan a awa. Abu ɗaya tak da ya yi kwantai ya mayar da ita ƙasa da mai canza zif, ga kuma jarinta ya yi makonni a ɗaure.

Wannan ba ya nufin saye da sayarwa ba sana'a ba ce. Yana nufin mai ƙaramin jari ba ta da ƙarfin ɗaukar kwantai. Maganinsa shi ne ta juya tsarin: ta nuna samfur, mai so ya ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi ko abin da zai rufe kuɗin sari, sannan ta saro. Cinikin zai ragu, wasu za su ce ba sa biya sai sun gani, amma abin da ya shigo nata ne. Kuma amsa saƙonni aiki ne da ake iya yi yara suna ido biyu, don haka ba ya cin lokacin barcinsu. Sai dai ta ware masa lokaci biyu a rana, in ba haka ba wayar za ta wuni a hannunta, yaro yana jan zani tana cewa ina zuwa.

Gyaran tufafi kuwa, abin da ya sa nake fifita shi a kan ɗinka sabon kaya ga mai goyo shi ne kowane aiki gajere ne, yana ƙarewa a cikin barci guda. Sabuwar riga tana bukatar awo, yanka, gwaji, kuma yawanci tana da ranar da za a sa ta. Kuskuren yanka a yadin mutane kuwa daga aljihunki za ki biya. Idan za ki yi ɗinki a gida da yara, ki samu akwati mai murfi ki ɗora shi sama. Allura, almakashi, maɓallai, duk su koma ciki da zarar kin tashi, ko da minti biyu za ki yi. Yaron da bai kai shekara uku ba duk abin da ya tsinta baki yake kai shi, maɓalli kuma yana iya shaƙe shi. Saboda wannan dalilin ne ba na ba mai rarrafe a gida shawarar haɗa sabulu: sodar da ake haɗa shi da ita tana ƙona fata, tana iya makantar da ido.

Aikin kwamfuta fa? Buga rubutu, fassara, riƙe wa ƙaramin ɗan kasuwa lissafi, mayar da magana rubutu. Waɗannan ba sa bukatar sari, amma duk lokacin barci suke ci, domin sai da natsuwa. Ki kuma lura da yadda ake biya. A aikin mayar da magana rubutu, ana yawan biya ne bisa tsawon sautin, alhali sautin awa ɗaya yakan ci wa mai bugawa kusan awa huɗu, sabon hannu ma fiye da haka. Idan aka ce miki kaza a awa, ki tambaya: awar sauti ko awar aikina? In ta sauti ce, ki raba kuɗin gida huɗu, shi ne ainihin abin da kike samu.

Sai abin da ake yawan kawo wa mata masu zaman gida, domin an san suna nema. Alamarsa ɗaya ce ko da wane suna ya zo: ke za ki fara biya. Kuɗin rajista, kuɗin kayan farawa, ko a ce ki danna hotuna a biya ki, a ba ki ɗan kaɗan ranar farko, sannan a ce ki zuba naki don a buɗe miki babban mataki. Ɗan kaɗan ɗin nan tarko ne. Mai ba da aiki na gaskiya shi yake biyan ma'aikaci. Akwai kuma wanda ake cewa ki kawo mutum shida, kowannensu ya kawo shida. Ki lissafa: 6, 36, 216, 1,296. A mataki na 13 kaɗai ana bukatar mutum sama da biliyan 13, alhali mutanen duniya baki ɗaya sun kai biliyan 8 ne a shekarar 2022. Dole abin ya tsaya, kuma waɗanda suka shiga daga baya su ne mafi yawa, su ne kuma kuɗinsu yake tafiya. Idan kina son ganewa, ki tambayi wadda ta kawo miki tallar: kuɗin da kike samu, daga sayar da kaya ga mutanen waje yake fitowa, ko daga shigo da sababbi? In ta fara kame-kame, kin samu amsa.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga lissafinki shi ne barcin ranan nan ba na dindindin ba ne. Yawancin yara suna komawa daga barci biyu zuwa ɗaya tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, kuma galibi suna daina barcin rana gaba ɗaya tsakanin shekara uku zuwa biyar. Uwar da ke cikin misalinmu, awa ɗaya da rabin da take taƙama da ita za ta iya ɓacewa nan da shekara biyu, kafin yaron ya fara makaranta ta samu safiya. Don haka kada ta ci bashin sayen babban inji bisa awannin da take da su yau. Ta fara da keken da ke hannunta, ta samu littafi ta riƙa rubuta abu uku a kan kowane aiki: nawa aka biya, nawa ta kashe, minti nawa ya ci. Bayan wata guda ta duba. Aikin da ya fi ba da kuɗi a awa ta ƙara neman irinsa, wanda ya zo ƙasa ta ƙara masa farashi ko ta daina karɓa. Kuma duk aikin da take ganin za ta gama a kwana biyu, ta ce wa mai shi ya zo bayan kwana huɗu.