Ina kankaren ya tafi? Dalilin ninka lissafi da 1.54

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan bokitin fenti mai lita 20. Na cika shi da tsakuwa maƙil, har na share bakinsa da katako. Duk wanda ya gan shi zai ce ya cika, babu wurin ƙara komai. To, ga ruwa ina zubawa da gorar lita ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, ruwa na shigewa kamar an zuba a rami. Sai da na zuba lita takwas zuwa tara kafin ya taso bakin bokiti. Ashe kusan rabin abin da muke kira bokitin tsakuwa iska ce zalla, ramuka ne tsakanin dutse da dutse.

Wannan ramin shi ne yake cinye kayan mutane ranar zuba kankare, a yi ta zargin leburori da sata alhali babu wanda ya ɗauki ko shebur ɗaya. Masu awo a kasuwa sun san abin tun da daɗewa. In ka juye mudun gyaɗa da mudun gero a ƙwarya ɗaya ka girgiza, ba za ka auno mudu biyu ba, domin geron ya shige tsakanin gyaɗar. Haka kankare yake. Yashi yana shiga ramukan tsakuwa, siminti yana shiga ramukan yashi, ruwa kuma yana korar iskar da ke cikin simintin kansa. Kowane ƙarami yana ɓuya a cikin babbansa.

Bari mu bi kwaɓin buhu ɗaya mu gani da ido. Buhun siminti mai kilo 50 yana cin wurin kusan lita 35, wato kwanon sarki biyu. A kwaɓin 1:2:4, wato kashi ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, wanda magina suka fi sabawa da shi, buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi, lita 70, da kwano takwas na tsakuwa, lita 140. In ka haɗa su a takarda, lita 245 ke nan na busasshen kaya.

Yanzu a cire iskar. Lita 140 na tsakuwa, ainihin dutsen da ke ciki bai wuce lita 77 ba. Lita 70 na yashi, ƙwayar yashin kusan lita 42 ce. Siminti kuwa shi ya fi ba mutane mamaki. Gari ne mai laushi, kana ganinsa kamar babu rami a cikinsa, amma fiye da rabinsa iska ce: lita 35 ɗin nan, da zarar ruwa ya shige shi, lita 16 yake komawa. Sai ka ƙara ruwan kwaɓi, kamar lita 25. Jimilla lita 160. Ka auno 245, ka samu 160. Raba 245 da 160, za ka ga 1.53 da ɗan ɗoriya. Daga irin wannan awon ne aka samo lambar da masu lissafin gini suke amfani da ita, 1.54. Ba doka ce da ta sauko daga sama ba, matsakaicin abin da ake samu ne, shi ya sa za ka ji wani na amfani da 1.52, wani 1.57, gwargwadon irin tsakuwarsa da yashinsa.

Akwai wata fahimta da nake so mu gyara a nan, don ina yawan jin ta a bakin ma'aikata. Wasu suna cewa kankare yana raguwa ne saboda ruwa ya bushe. A'a. Raguwar tana faruwa tun a wurin kwaɓi da lokacin da ake daddanna shi a cikin katako, yana ɗanye shakaf. Ƙanƙancewar da yake yi bayan ya bushe ƙarama ce ƙwarai, ido ma ba ya ganinta sai dai a 'yan siraran tsage-tsage. Don haka lissafinmu tsakanin busasshen kaya ne da ɗanyen kankaren da ya zauna daram a mazauninsa.

To, mu ɗauki aiki na gaske. Za a zuba dakin, wato rufin kankare na saman gini, mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, kaurin santimita 15. Ka ninka 6 da 4 da 0.15, ka samu kubik mita 3.6. Wannan shi ne ramin da kafinta ya haɗa maka da katako, shi za a cika. Kafin ka raba komai, fara ninka shi da 1.54. Ya ba ka 5.54. Wannan shi ne busasshen kayan da ya kamata su sauka a filin aiki.

Sai rabo. A kwaɓin 1:2:4, ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne. Raba 5.54 gida bakwai, kowane kashi ya tashi 0.79. Siminti kashi ɗaya, kubik mita 0.79. Yashi kashi biyu, 1.58. Tsakuwa kashi huɗu, 3.17. Tunda ba a sayar da siminti da kubik, sai a mayar da shi buhu. Buhu ɗaya kubik mita 0.0347 ne, wato lita 35 ɗin da muka faɗa. Raba 0.79 da 0.0347, ka samu buhu 22.8. Ka ce buhu 23.

Ga shi a allo, ku tsayar da bidiyon ku kwafa:

```
6 x 4 x 0.15 = 3.6
3.6 x 1.54 = 5.54
5.54 / 7 = 0.79
0.79 / 0.0347 = 22.8
```

Yanzu ku ga abin da ke samun wanda ya manta da 1.54. Shi zai raba 3.6 kai tsaye gida bakwai, ya samu buhu 15, da yashi da tsakuwa daidai da haka. Lissafinsa a takarda tsaf yake, babu kuskure a rabo. Amma kayan nan kubik mita 2.3 kawai za su ba shi. A dakin mai tsawon mita 6, kankare zai ƙare masa a wajen mita 3.9, saura mita biyu rodi na kallon sama. Galibi kuma da la'asar abin ke faruwa, leburori sun gaji, mai tifa ya tashi, mai shagon siminti na shirin rufewa.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi damuna. In aka bar aikin sai gobe, na jiya ya riga ya kama, sabon ba zai haɗe da shi ya zama jiki ɗaya ba. A nan ake samun gaɓa mai rauni, wadda damina ta farko za ta nuna maka ita da ɗigon ruwa a silin, daga baya rodi ya fara tsatsa. In kuma aka ce a lallaɓa a ja kayan su kai, to ɗayan biyu ne: ko kaurin ya sauko daga santimita 15 zuwa ƙasa da 10, ko a riƙa ƙara yashi da ruwa a kan buhu ɗaya don kwaɓin ya yi auki. Duka biyun ƙarfin dakin ake ci, kuma a ƙarƙashinsa iyalin mutum za su kwana. Buhu takwas ne fa tsakanin 15 da 23.

Ga wata dabara da za ka riƙa duba aikin da ita yana tafiya. Mun ce buhu ɗaya na kwaɓin 1:2:4 yana ba da lita 160. A kaurin santimita 15, wannan zai rufe murabba'in mita ɗaya da 'yar ɗoriya. Saboda haka in an fasa buhu 10, ka ɗauki tef ka auna inda aka zuba. A faɗin mita 4, ya kamata a ce an ci tsawon mita biyu da rabi zuwa 2.7. In ka tarar har an kai mita uku da rabi, kada ka yi murna cewa siminti ya yi albarka. Soka guntun rodi ka auna kaurin, sannan ka je wurin kwaɓi ka ƙirga kwanon yashin da ake zubawa, ka ga ko toza shi ake yi. Kwanon da aka toza ya fi wanda aka share nesa ba kusa ba.

Lambar tana da iyakarta. Abu na farko, 1.54 ba ta ƙunshi asara ba. Abin da ya zube daga kwano a kan tsani, da wanda ya maƙale a ƙasa wurin kwaɓi, da inda katako ya ɗan buɗe ciki, duk daban suke. A kan wannan ake ƙara kamar kashi 5 cikin 100, buhu 23 ya koma 24. Kuma sau ɗaya ake ninkawa. In injiniya ya riga ya ba ka adadin buhu da na yashi, kada ka sake ɗora musu 1.54. Haka in kwaɓaɓɓen kankare za ka saya a mota, su ɗanye suke aunawa, 3.6 ɗinka za ka nema da ɗan ƙari. Kwaɓin filasta da na ɗora bulo kuwa babu tsakuwa a ciki, ramukan ba su kai haka ba, shi ya sa a can aka fi amfani da 1.33.

In injiniya ya canza kwaɓin, 1.54 tana nan, abin rabawa ne ke canzawa. A 1:1.5:3 da 5.5 za ka raba, kowane kubik mita ya ci buhu takwas. A 1:3:6 da goma za ka raba, buhu huɗu da rabi. Namu na 1:2:4 buhu shida da ɗan ɗoriya ne. Zaɓen kwaɓin da ya dace da dakin ko ginshiƙi aikin injiniya ne, mu lissafin kaya muke yi.

Saura yashi mai laima, kuma wannan yana yaudarar har tsofaffin hannu. Duk lissafin nan busasshen yashi yake nufi. Yashin da aka ɗebo daga rafi da danshinsa, ko wanda ruwan sama ya taɓa, kumbura yake yi, domin laimar tana hana ƙwayoyin kwanciya a kan juna. Yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, mai laushi ma ya fi haka. Kwano huɗu na irin wannan yashin bai kai huɗu na gaskiya ba, sai kwaɓin ya fito garas-garas, tsakuwa tsirara, in an cire katako ka ga ramuka kamar saƙar zuma.

Gwajinsa ba wuya. Samu gorar roba mai miƙaƙƙen jiki ka yanke kanta. Zuba yashin ba tare da dannawa ba har tsawon santimita 20, ka yi alama. Zuba ruwa ya shanye kansa, ka juya da tsinke, ka bari ya kwanta. Yashin da ruwa ya rufe yana komawa girmansa na asali. Nawa ga shi ya sauko zuwa 16. Bambancin 4 ne, kuma 4 a kan 16 kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ke nan yau a wannan filin, kowane buhu kwano biyar na yashi za a zuba masa maimakon huɗu, sannan a rage ruwan kwaɓi kaɗan, tunda yashin ya zo da nasa.