Ka goge hotuna amma waya na cewa ta cika: ga inda wurin ya tafi

Jama'a, barkanku da wannan lokaci. Ka goge hotuna, ka cire manhajoji, amma saƙon nan na "Storage space running out" yana nan daram a saman waya. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Abin da Gallery ke nuna maka ba shi ne duk abin da ke cikinta ba, kuma abin da ka goge bai riga ya fita ba tukuna.

Mu ɗauki wayar Android mai giga 32, irin Tecno, Infinix ko Samsung da ke hannun yawancinmu. A ce ka goge bidiyon biki na giga 3, ka duba Settings, ka shiga Storage, ka ga lissafin bai motsa ba. Dalili shi ne bidiyon ya koma kwandon shara ne kawai, inda yakan zauna kwana 30 yana cin wurinsa cif. Buɗe Gallery, ka nemi Trash, ko Recycle bin, ko Recently deleted, sunan ya danganta da wayar. Ka duba ko akwai abin da za ka yi da-na-sani a kansa, sannan ka zubar da sauran. Google Photos da manhajar Files kowacce na da nata kwandon, su ma a leƙa.

Yanzu ga babban mai cinye wurin, wato WhatsApp. Idan ka tura wa mutum bidiyo daga Gallery, WhatsApp na ajiye nasa kwafin a wata folda mai suna Sent. A cikinta akwai wani ɗan fayil, .nomedia, wanda aikinsa shi ne ya hana Gallery nuna abin da ke wurin. Shi ya sa za ka goge bidiyon bikin nan, ka zubar da shara, amma kwafin da ka tura wa 'yan uwa yana kwance ba ka ganinsa. Buɗe File Manager, ka shiga Internal storage, ka bi wannan hanyar:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Video/Sent
```

A tsofaffin wayoyi da ba su kai Android 11 ba, foldar WhatsApp na nan a fili da zarar ka shiga Internal storage. Ka jera fayilolin daga mafi girma zuwa ƙarami, ka fara da manyan, domin bidiyo goma na iya fin hoto dubu nauyi. Amma ka sani, duk abin da ka goge a nan zai ɓace a cikin hirar ma, kuma babu tabbacin za ka iya sake sauke shi. Idan na tarihi ne, kamar ɗaurin aure ko suna, ka fara kwafe shi zuwa memori ko kwamfuta.

A cikin Media ɗin kuma akwai .Statuses, inda hotuna da bidiyon da ka kalla a Status ke sauka na ɗan lokaci. Duk sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, ba za ka gan shi ba sai ka kunna Show hidden files a saitin File Manager.

Koma baya kaɗan ka shiga Databases. Nan ne ake ajiye kwafin hirarrakinka, kuma nan nake roƙon ka yi hattara. Za ka ga fayiloli masu suna msgstore ɗauke da kwanan wata, waɗannan tsofaffin kwafi ne, ana iya goge su. Wanda ba shi da kwanan wata, kamar msgstore.db.crypt14, shi ne na yanzu, kada ka taɓa shi.

Su kuwa manhajojin da ka cire, sau da yawa sukan tafi su bar kayansu. Xender misali, finafinan da aka turo maka suna nan a foldarsa ko bayan ka cire shi. Haka ma Download. Waɗanda ba ka cire ba, irin TikTok, Facebook da Chrome, suna tara tarkacen wucin gadi. Shiga Settings, Apps, zaɓi manhajar, Storage, ka danna Clear cache. Ban ce Clear data ba. Wannan na biyun zai fitar da kai daga asusunka, a WhatsApp kuwa zai iya tafiya da hirarrakinka idan ba ka da ajiya.

Kashe wayar ka kunna, ka sake duba Storage. Kason da aka rubuta System na tsarin wayar ne, ba ya goguwa. Idan bayan duk wannan wurin da ya rage bai kai giga ɗaya ba, saƙon zai dawo ba da daɗewa ba, don haka ka shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, ka cire alamar Videos a ƙarƙashin Media auto-download, bidiyon guruf ya daina sauka da kansa.