"Daga wane": laccar da aka yi a Tudun Wada, Kaduna, kan yadda ake auna isnadi

To jama'a, sharuɗɗa biyar ne hadisi zai cika kafin a ce masa ingantacce, kamar yadda Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan hijira, ya tsara su. Na baya ku matso, akwai wuri. Na farko, sarƙar maruwaita, wato isnadi, ta haɗu, kowa ya ji daga wanda ke samansa. Na biyu, kowane maruwaici ya zama adali, ba maƙaryaci ba, ba fasiƙi ba. Na uku, ya zama mai kiyayewa, ko a ka ko a littafi.

Bari mu koma na farkon, don nan ne aikin yake. Maruwaici yakan ce "haddasana", wato wane ya ba mu labari, ko "sami'itu", na ji da kunnena. Wannan ba gardama. Amma wani lokaci sai ya ce "an", wato "daga wane" kawai. Ku lura fa. In mutum ya shigo nan ya ce, "Daga liman, gobe za a ɗaura aure a Kawo," ya yi ƙarya? Bai yi ba. Amma limamin ne ya gaya masa, ko a bakin mai shayi ya tsinta? Kalmar "daga" ta ɗauki duka biyun.

To akwai malamai, amintattu fa, ba maƙaryata ba, da sukan ji hadisi daga wani mutum, shi kuma ya ji daga malaminsu. Sai su tsallake na tsakiyar su ce "daga malam". Sunan wannan tadlisi. Illarsa ita ce wanda aka tsallake ɗin wataƙila shi ne mai raunin, ka ga sarƙa a ido lafiya lau, alhali an cire ruɓaɓɓen zobe an ɓoye.

Ta yaya ake kama shi? Shu'uba, na Basra, ya rasu a 160, ya ce bakin malaminsa Ƙatada yake kallo: in ya ce "haddasana" ya karɓa, in bai ce ba ya bari. Baki yake kallo, jama'a!

Ga wanda ya fi daɗi. Laisu ɗan Sa'ad, malamin Masar, ya je Makka wurin Abuz Zubair, wanda ke yawan ruwaya daga sahabi Jabir. Abuz Zubair ya ba shi littattafai biyu. Har ya tafi, sai ya dawo ya tambaye shi, duk wannan ka ji shi daga Jabir? Ya ce, wani na ji, wani kuma gaya min aka yi. Laisu ya ce, to sa min alama a kan waɗanda ka ji. Ya sa masa. Shi ya sa in ka ga Laisu daga Abuz Zubair daga Jabir, ko da "an" ce, malamai sukan karɓa, don an riga an tace. In wani ne ya ruwaito daga Abuz Zubair da "an", da yawansu sai su dakata sai sun ga inda Abuz Zubair ya ce ya ji. Mutum ɗaya, malami ɗaya, hukunci biyu.

Wanda ba a san shi da tadlisi ba kuwa, "an" ɗinsa karɓaɓɓe ne. Muslim ya ce ya isa su yi zamani ɗaya kuma haɗuwarsu ta yiwu. Abin da aka danganta wa Bukhari shi ne sai an tabbatar sun haɗu ko sau ɗaya.

Ina muke? Na huɗu... a'a, mun yi na uku ko? To sauran biyun: kada ya saɓa wa waɗanda suka fi shi ƙarfi, kuma kada a sami ɓoyayyiyar illa. In ɗaya daga biyar ɗin ya faɗi, hadisi ya zama mai rauni. Lokaci ya tafi.

(Wani daga cikin masu sauraro: Allah ya gafarta Malam, ba a faɗi hasan ba.)

Af, Allah ya yi maka albarka. Hasan, wato kyakkyawa, duk sharuɗɗan nan ya cika, sai dai kiyayewar wani maruwaici ta ɗan yi sauƙi. Tirmizi ne ya yayata kalmar. Ɗauki hadisin asuwaki, inda Annabi (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Tirmizi ya kawo shi ta hanyar Muhammadu ɗan Amru, daga Abu Salama, daga Abu Huraira. Muhammadu ɗan Amru mai gaskiya ne, ba a tuhumarsa, amma an yi magana a kan haddarsa. Saboda shi wannan sarƙar ta tsaya a hasan. Sai ga hadisin ta wata hanya: Malik daga Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira, wadda Bukhari ya kawo. Abin da ake tsoro tun farko kuskuren hadda ne, to ga wasu sun faɗi abin da Muhammadu ɗan Amru ya faɗa, tsoron ya kau, sai hanyarsa ta hau ta zama ingantacciya saboda waninta. Amma da ƙarya ake tuhumarsa da ita, ko hanya goma aka kawo ba za ta ɗaga shi ba. Ladan yana ta duban agogo, bari mu tsaya a nan a kira salla.