Man da ya shiga tukunya bai dahu ba: asalin kitsen tarans

Ana ta yawo da zancen cewa haidurojin da ake ɗura wa mai shi ne gubar. To, a dakata, labarin bai tsaya nan ba.

Ɗauki ƙwayar mai kamar wata sarƙa mai kabon 18, ga lanƙwasa a tsakiyarta kamar gwiwar hannu. A nan kabon biyu suka riƙe juna da ɗauri biyu, haidurojinsu duka a gefe guda. Karkataccen ice ba ya ɗauruwa dami, shi ya sa man gyaɗa yake ruwa.

Masana'anta kuwa mai daskarewa take so, wanda zai daɗe a kanti bai yi ɗoyi ba. Sai a zafafa man, a sa garin nikel, a hura haidurojin. Dabarar Bajamushe Wilhelm Normann ce tun 1902.

Yanzu mu bi abin daki-daki. Ƙwayar ta sauka kan nikel, ta karɓi haidurojin ɗaya. Ɗaurin ya saki, sarƙar ta samu damar juyawa. Da na biyu zai zo nan take, da an gama: cikakken kitse, wato wanda ya cika da haidurojin, babu tarans. Amma da gangan ake tsuke haidurojin don kada man ya zama kamar kyandir. Tana jira shiru, sai ta mayar wa nikel haidurojin ɗaya, ɗaurin ya sake ƙulluwa. Amma yanzu haidurojin biyun sun raba gefe: ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Gwiwar ta miƙe. Ba ta ƙaru da komai ba, siffa kawai ta sauya, wannan shi ne tarans.

Kada ka raina wannan juyi. Mai lanƙwasar yana narkewa a wajen digiri 13, miƙaƙƙen sai ya kai 45, alhali jikinka 37 ne.

A jini fa? Cikakken kitse, irin na man shanu, yana ɗaga LDL, kwalastarol ɗin da ke maƙalewa a bangon jijiya, amma yana ɗan ɗaga HDL mai kwashe shi zuwa hanta. Tarans ya ɗaga LDL, ya kuma sauke HDL: shara ta ƙaru, an kori mai shara. Masu bincike Mensink da Katan sun nuna haka a Holan a 1990. Ga kumburin da yake tayarwa a fatar cikin jijiya, inda daskararren kitse ke fara taruwa.

Denmak ta taƙaita tarans a 2003, giram 2 cikin giram 100 na mai, ma'aunin da NAFDAC ma ta ɗauka. Ni dai kafin in sayi biskit ko bota, bayan kwali nake juyawa. Idan na ga "partially hydrogenated", wato man da aka tsuke wa haidurojin, sai in mayar wa mai shago kayansa.