Nawa Asibiti Ke Kashewa a Kan Majinyaci Ɗaya a Kwana Ɗaya?

Idan kuna riƙe da lissafin asibiti, ko ba daɗe ko ba jima za a tambaye ku: majinyacin da aka kwantar, nawa ake kashewa a kansa a kwana ɗaya? Da wannan adadin ake yanke kuɗin gado, da shi ake tsara kasafi, da shi kuma ake ciniki da masu inshorar lafiya. Bari mu fitar da shi tare da misali.

Mu ɗauka akwai wani ƙaramin asibiti mai ɗakunan kwanciya biyu: ɗakin yara mai gado 20, da ɗakin haihuwa mai gado 10. Watan da za mu duba shi ne Satumba, mai kwana 30.

Da farko, yaya ake ƙirga kwanan majinyaci? Kowane dare, yawanci da sha biyu, ma'aikaciyar jinya tana ƙirga waɗanda ke kan gado ta rubuta. A ƙarshen wata a tara. Ranar da aka kwantar da mutum tana shiga lissafi, ranar sallama ba ta shiga, sai dai wanda aka kwantar aka kuma sallame shi a rana ɗaya, shi ana ba shi kwana ɗaya. A asibitinmu ɗakin yara ya tara kwana 450, ɗakin haihuwa kwana 150. Jimilla 600.

Duk abin da asibitin ya kashe wa ɗakunan nan biyu a watan naira miliyan 6 ne. Mai gaggawa sai ya raba miliyan 6 gida 600, ya ce kwana ɗaya naira 10,000. Lissafin bai yi kuskure ba, amma babu ɗakin da wannan ne ainihin kuɗinsa. Ga dalili.

Kuɗin kashi biyu ne. Akwai wanda kowa ya san ɗakin da ya ci shi: albashin ma'aikatan ɗakin, magani, sirinji, safar hannu, ruwan ƙari. Wannan a ɗakin yara ya kai naira miliyan 2 da dubu 600, a ɗakin haihuwa miliyan 1 da dubu 600. Sai kuma kuɗin sassan da ba sa duba majinyaci amma suna yi wa ɗakunan hidima: kicin ya ci dubu 600, wanki dubu 300, wuta da man janareta dubu 900. Kowane sashe a tara nasa wuri ɗaya, kada a cakuɗa, domin kowanne da ma'aunin da za a raba shi.

Tambayar da za ku riƙa yi ita ce: mene ne in ya ƙaru, kuɗin wannan sashen ma sai ya ƙaru?

Kicin ba shi da wuya. Yawan kwanakin majinyata shi ne yawan kwanukan abinci. Yara na da kashi uku cikin huɗu na kwanakin, sai su ɗauki dubu 450, haihuwa ta ɗauki dubu 150. In a asibitinku 'yan uwa ne ke kawo abinci daga gida, kamar yadda ake yi a wurare da dama, to ku ƙirga kwanukan da kicin ya fitar wa kowane ɗaki kawai.

Wanki fa? A nan ne mutane ke tafka kuskure. In kun raba shi da kwanaki, yara za su sake ɗaukar kashi uku cikin huɗu. Amma ku tambayi mai wankin. Haihuwa ɗaya tana ɓata zannuwa da yawa cikin sa'o'i kaɗan, ga jini, ga sauyin shimfiɗa. Da aka ɗora kayan a sikeli, ɗakin yara ya kawo kilo 300, ɗakin haihuwa kilo 600. Ke nan yara dubu 100, haihuwa dubu 200. Ba sai an auna kullum ba. Awon mako ɗaya ko biyu ya isa ya nuna yadda rabon yake.

Wuta ta fi rikitarwa, tunda ba kowane ɗaki ke da mitarsa ba. An saba raba ta da faɗin ɗaki, amma na'ura ce ke shan wuta, ba daɓe ba. Ɗakin yara ya fi girma, yana da na'urorin oksijin. Ɗakin haihuwa ƙarami ne, amma fitilunsa ba sa mutuwa da dare, ga tukunyar tafasa kayan aiki. Mu ce mai gyaran wuta ya duba na'urorin da sa'o'in aikinsu, ya ga rabi da rabi ne: dubu 450 kowanne. Kiyasi ne, kuma ba laifi, muddin an rubuta yadda aka yi shi kuma ba a sauya shi kowane wata.

Yanzu mu tara. Ɗakin yara ya tashi miliyan 3 da dubu 600. A raba gida 450, kwana ɗaya naira 8,000. Ɗakin haihuwa miliyan 2 da dubu 400. A raba gida 150, naira 16,000. Ku haɗa ɗakunan biyu, dole su koma miliyan 6 cif. In ba su koma ba, an tsallake wani kuɗi ko an ƙirga shi sau biyu. Da an yanke kuɗin gado 10,000 ga kowa, da iyayen yara ne ke biya wa masu haihuwa ba tare da kowa ya sani ba.

Sai dai ni a ganina, ko 16,000 ɗin nan bai kamata a jingina da shi ba. Mace ta haihu lafiya, washegari ta tafi gida, kuma yawancin aikin a sa'o'in naƙuda aka yi shi. Kwana na biyu bai kai na farko tsada ba ko kusa. In mata 100 ne suka haihu a watan, to naira 24,000 kowace haihuwa ta fi bayyana gaskiyar ɗakin. Lissafin kwana ya fi dacewa da inda kwanaki ke kama da juna, kamar ɗakin yara. Masu zuwa ganin likita su koma gida kuwa, nasu tarin kuɗin daban, da yawan zuwa ake raba shi.

Saura abu ɗaya: kada ku yanke farashi da wata guda. Satumba lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, ɗakin yara a cike yake. A cikin 8,000 ɗin nan, mu ce 3,000 ne ke bin majinyaci, wato magani da abinci. Sauran, naira miliyan 2 da dubu 250 a wata, albashi ne da wuta da makamantansu, ko gado ba kowa sai an biya. In rani ya yi kwanakin suka sauka zuwa 300, kuɗin ɗakin zai zama miliyan 3 da dubu 150, kwana ɗaya ya haura zuwa 10,500. Ba wanda ya yi almubazzaranci, gadaje ne suka zauna ba kowa. Saboda haka kafin ku tuhumi ma'aikata don adadin ya tashi, ku fara duba rajistar kwanaki. Farashi kuwa a gina shi a kan lissafin shekara guda, kuma a saka maganin da aka yi amfani da shi, ba wanda aka sayo aka ajiye a sito ba.